Digirin digirgir da aikin bincike a kamfani: ya za ka gane ko sibi ɗinka ya dace?

Na yi shekara bakwai ina koyarwa a jami'a kafin na koma sashen bincike na wani kamfanin sarrafa abinci, yanzu kuma ina cikin masu zama su tace takardun masu neman aiki idan an buɗe gurbi a sashenmu. Tun da abokai suka gane haka kusan kowane sati sai wani dakta ya turo min sibi ɗinsa a wasaf yana cewa in duba masa. Tambayoyin dai kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Misalaina duk daga harkar abinci da amfanin gona suke don nan na sani, wanda yake fannin magani ko man fetur sai ya auna da nasa.

Dakta, na ga tallan aiki, ta ina zan fara gane ko na dace?

Ka ajiye sibi ɗin tukuna. Kuskuren da kusan dukkanmu muka yi shi ne mu fara kallon takardarmu, mu ga shafi goma sha biyu cike, sai zuciya ta ce ai wannan aikin ma ya yi min kaɗan. Tallan za ka fara karantawa, kuma ba sunan muƙamin ba, a'a, jerin abubuwan da aka ce mutum zai riƙa yi kullum. Ka ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin kowane aiki: zai gwada kaza, zai rubuta kaza, zai kula da kaza, zai je gona ko kasuwa. Galibi ba sa wuce bakwai zuwa goma, kuma ukun farko su ne ainihin abin da ya sa aka buɗe gurbin, na ƙasa-ƙasan nan sau da yawa 'yan sashen ɗaukar ma'aikata ne suka ƙara don talla ya cika.

Sai ka tambayi kanka a kan kowane layi, na taɓa yin wannan da hannuna? Yaushe, a ina, sau nawa, me ya fito? In za ka iya ba da labarinsa na minti biyu har da matsalar da ka ci karo da ita, ka sa masa alamar akwai. In ka san shi a karatu ko ka koyar da shi amma ba ka taɓa yi ba, wannan rabi ne, kar ka yaudari kanka. In babu, babu. Ni abin da nake gaya wa mutane, in ukun farkon nan biyu akwai, ɗaya rabi, ka nema. In ukun farkon duk rabi ne ko babu, ko da sauran duk sun cika, wahalar banza za ka sha.

Ka ba mu misali na gaske mana, wannan lissafin bai shige ni ba

To bari in ba ka na wani ƙanina da muka zauna muka yi tare. Digirinsa na uku a kan gubar afalatoksin ne a cikin gyaɗa, wato gubar da wani fumfuna mai suna Aspergillus flavus yake bari a gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba ko an ajiye su a wuri mai danshi. Ya bi kasuwanni irin su Dawanau yana ɗibar samfur, ya auna, ya kwatanta yanayin ajiya. Kamfanin da ya gani yana sarrafa gyaɗa da masara kuma yana son ya fara fitarwa waje, suna neman jami'in bincike. Abubuwa bakwai suka rubuta.

Na farko, mutum ya iya auna gubar da injin HPLC. Nan ya samu cikakke, don shi da kansa ya yi sama da shekara yana kan injin, ya san yadda ake tsabtace samfur kafin a saka, ya san abin da ake yi in layin ya fara rawa, har ya taɓa canza kwalam, wato bututun da ke raba sinadarai a cikin injin, da hannunsa. Akwai.

Na biyu, ya tsara yadda za a riƙa ɗibar samfur daga manyan motoci masu kawo kaya. Nan ne muka daɗe muna gardama. Shi yana ganin ai ɗibar samfur ya yi ta yi a tesis ɗinsa. Amma shi mudu ɗaya yake saya a wurin kowane ɗan kasuwa, ya niƙa ya auna. A kamfani kuwa tirela ce ta tsaya a get da tan talatin, direba yana jira, kuma gubar nan ba ta bazuwa daidai, 'yan ƙwayoyin gyaɗa kaɗan a buhu ɗaya za su iya ɗauke da kusan dukkanta. Shi ya sa kuskuren da ake samu a ɗiba ya fi wanda ake samu a injin nesa ba kusa ba. Turai mikrogiram 4 kawai ta yarda da shi a kowane kilo na gyaɗar da za a ci kai tsaye, Amurka 20, kuma ƙa'idar Turai ga babban lodi ita ce a ɗiba daga wurare 100 a haɗa wajen kilo 20. Ya san wannan a karatu sarai, bai taɓa tsayawa gaban tirela ba. Rabi.

Na uku, ya tabbatar da ingancin hanyar gwaji bisa ƙa'idar ISO 17025, wato ƙa'idar da ake bi a amince da ɗakin gwaji. Ya ce babu. Na ce tsaya, ba ka zuba sananniyar guba a cikin gyaɗa mai tsabta ka ga nawa injin ya dawo maka da shi ba? Ya ce ya yi, yana babi na uku. Ba ka maimaita gwajin a ranaku daban-daban ba? Ya yi. Ba ka lissafa mafi ƙarancin abin da injin zai iya gani ba? Shi ma ya yi. To wannan shi ne fiye da rabin abin da suke nufi, abin da ya rage masa shi ne rubuce-rubucen da masu oditi suke so, wa ya sa hannu, wace rana, wace kwalba. Amma ko kalma ɗaya a kan haka babu a sibi ɗinsa, don a jami'a ba wanda yake ɗaukar babin hanyoyin aiki abin alfahari. Muka sa masa akwai, da ɗan saura.

Sauran huɗun ba mu ɓata lokaci ba. Tsarin HACCP na kare lafiyar abinci, ya koyar da shi a aji huɗu amma bai taɓa zama ya rubuta wa masana'anta ba, rabi. Hulɗa da NAFDAC wajen rajistar kaya, babu. Aiki da manoma da dillalai, akwai sosai, shekara biyu yana cikinsu kuma yarensu ɗaya. Lissafin kuɗin gwaji, babu, ko da yake mutumin da ya yi bincike da albashinsa ya san farashin kowace kwalba.

Ka ga a ukun farko yana da biyu da rabi. Na ce ya nema, amma ya sake rubuta takardar gaba ɗaya, abin da yake ɓoye a babi na uku ya dawo shafin farko. An kira shi intabiyu, kuma tambayar da suka fi matsa masa a kai ita ce ta tirelar nan, kamar yadda muka zata. Da yake ya shirya, bai yi musu ƙaryar ya iya ba, ya zana musu yadda zai yi a kan takarda.

Taken tesis ɗina ba shi da alaƙa da abin da kamfanin yake yi, in haƙura?

A'a, kar ka yi saurin haƙura. Take shi ne abin da ya fi ƙarancin amfani a wurinmu. Wanda ya auna ragowar maganin ƙwari a wake da wanda ya auna sinadari a ganyen zogale, in dai injin ɗaya suka yi amfani da shi kuma da hannunsu, a wurina kusan mutum ɗaya ne. Akasin haka ma yana faruwa, wata ta zo take ya yi daidai da kayanmu kamar an auna, amma da muka shiga ciki ashe duk aikin takardar tambayoyi ce ta raba wa 'yan kasuwa ta zuba a SPSS. Aiki ne mai kyau a wurinsa, mu kuma mai tsayawa a benci muke nema.

Inda take yake da nauyi shi ne wuraren da ilimin abin da kansa yake cin shekaru, misali kamfanin iri da ke neman mai ƙirƙiro sabon irin masara. Wannan sai wanda ya yi damina da yawa a fili, irin waɗanda suka taso a IAR Samaru ko suka yi aiki da IITA. Ba za ka koyi idon zaɓen shuka a wata uku ba.

Ina da mukala 23 a mujallu, ba a ƙirga su ne?

Ana gani, amma ba a ƙirgawa yadda kwamitin furomoshan yake yi. A jami'a kowace mukala maki ce. A kamfani abin da suke nuna mana kawai shi ne kana iya kai aiki ƙarshe kuma kana iya rubutu, kuma uku sun isa su nuna haka. Ka zaɓi biyu ko uku da suka fi kusa da aikin, waɗanda kai ne ka yi su da gaske, sauran ka ce suna Google Scholar.

Wani abu kuma da ba a faɗa a fili, mu da muka fito daga can mun san yadda ake sa-ni-in-sa-ka. In na ga mukala takwas a shekara ɗaya, ɗaya kan kifi, ɗaya kan ƙasa, ɗaya kan nonon raƙumi, sunanka na biyar a kowacce, ba ya burge ni, sai ma in zaɓi guda in ce ka yi min bayanin teburi na biyu. Wanda ba za ka iya karewa ba ka cire shi.

Sun ce sai mai gogewar shekara uku zuwa biyar a masana'anta, shekarun digirina ba su shiga?

Ya danganta da dalilin da ya sa suka rubuta. In muƙamin na mai aiki da hannunsa ne a ɗakin gwaji, yawancin manajojin bincike za su ɗauki shekarun digirinka a matsayin gogewa, musamman in ka rubuta su kamar aiki, ba ka jefa su ƙarƙashin karatu da layi ɗaya ba. Ka rubuta shekarun, ka rubuta abin da ka yi, samfur nawa, wane inji, mutum nawa suka yi aiki a ƙarƙashinka.

In kuwa muƙamin na shugabantar sashe ne, ko an ambaci kai sabon kaya daga gwaji zuwa layin sarrafawa, to da gaske suke. Akwai abin da ba a samu sai a can. Abin da ya yi kyau a giram ɗari biyar a kan benci yakan watse in an kai tan biyu, zafi ba ya ratsa babbar tukunya yadda yake ratsa ƙarama, garin da kake cakuɗawa da cokali a injin sai ya dunƙule, kuma duk awar da layi ya tsaya don gwajinka kuɗi ne ake asara, manajan furodakshan yana tsaye a kanka yana kallon agogo. Ni kaina gwajina na farko a layi haka ya ƙare, muka zubar da kaya mai yawa, wani tsohon ofireta da bai wuce sakandare ba shi ya nuna min inda na yi kuskure. Wannan giɓin shekaru yake ci, babu kwas ɗin da zai cike shi.

Saboda haka ka raba giɓinka gida biyu. Wanda sati biyu ko wata ɗaya zai cike, kamar horon HACCP ko koyon Minitab ga wanda ya riga ya san lissafin, wannan kar ya hana ka nema, in da hali ma ka yi kafin intabiyu. Wanda sai an zauna a ciki, ka nemi muƙamin da ke ƙasa da shi da mataki ɗaya.

Gaskiya samfur ɗina wani ɗakin gwaji na kai aka yi min, na karɓi sakamako. In rubuta na iya injin?

Kar ka rubuta, don Allah. Wannan ita ce babbar matsalar sibin daktocinmu kuma ba laifinsu ba ne, injin sashe ya lalace ko babu wuta ko babu gas, dole ka ɗauki kula ka kai wani gari ka biya. Amma a takarda wanda ya kai samfur da wanda ya kwana a kan inji duk abu ɗaya suke rubutawa, shi ya sa muke da tambayoyin da muke raba su. Sai in ce, kana cikin aiki furesha ta hau sama kwatsam, me za ka fara dubawa? Wanda ya yi zai fara lissafo min, ko kwalam ya toshe, ko filta, ko gishirin ruwan aikin ne ya daskare a bututu, har da tsaki don ya tuna ranar. Wanda bai yi ba sai ya fara karanto min ma'anar injin daga littafi. Minti ɗaya ya isa, kuma daga nan duk sauran abin da ke takardar ya shiga zargi, har wanda yake gaskiya.

Ka rubuta abin da ka yi: ka shirya samfur, ka fassara sakamako, ka gano inda aka yi maka kuskure in ka gano. Shirya samfur ma ba ƙaramin abu ba ne. In kuma aikin ya dogara kan injin ne, ka nemi inda za ka zauna wata ɗaya ko biyu da ma'aikacin da ke kula da injin, ko a babban ɗakin gwajin jami'arku ko a wata cibiya kamar FIIRO da ke Oshodi ko NSPRI, ka sauke daktancin ka koya.

Ya zan gane aikin bincike ne da gaske, ba suna kawai ba?

Madalla, ai ba kai kaɗai ake aunawa ba, shi ma aikin ka auna shi. Yawancin manyan kamfanonin ƙasashen waje ainihin bincikensu ba a Najeriya suke yi ba. Nestlé misali tana da masana'anta a Agbara, amma cibiyar bincikenta ta wannan yankin a Abidjan take. Abin da ake kira bincike a masana'antun Agbara da Ota da Ikeja, ko namu na Sharaɗa da Bompai da Challawa, galibi ɗaya ne daga cikin uku: duba ingancin kaya kullum, ko sauya haɗi don a rage kuɗi, misali a maye abin da ake shigowa da shi da dala da dawa ko rogo ko waken soya na gida, ko kuma warware matsala in kaya ya fara lalacewa a shago kafin lokacinsa. Na biyu da na uku bincike ne sosai, sai dai na wata uku ne ba na shekara uku ba. Na farko kuwa maimaici ne, gwaji ɗaya safe da yamma, har da shiftin dare.

Alamun suna cikin tallan. In ka ga maganar shifti, da sakin kaya, da adadin samfur a rana, na farkon ne. Ka kuma duba wa za ka riƙa kai wa rahoto, manajan inganci ko shugaban ƙirƙirar kaya. A intabiyu ka tambaya kai tsaye, wane sabon abu sashen nan ya fitar a shekara biyun da suka wuce, kuma akwai kasafin gwaji na daban? In aka fara kallon juna ka samu amsa. Ba wai aikin inganci abin raini ba ne, da yawa ta nan suka shiga, amma ka shiga da saninka.

An ce min na fi ƙarfin aikin. In ɓoye digirin?

Ban ba ka shawara ba. Shekara huɗu ko biyar za su zama rami a takardarka, kuma sunanka yana intanet da Dakta a gaba. In aka gano bayan an ɗauke ka, magana ce ta rashin gaskiya.

Ka fahimci abin da suke tsoro. Ba iliminka ba ne. Suna tsoron za ka gudu da zarar wata jami'a ta buɗe gurbi, suna tsoron ba za ka karɓi umarni daga manaja mai HND da ya girme ka a aikin da shekara goma sha biyar ba, suna kuma tsoron in an tambaye ka a saki kaya ko kar a saki za ka ce sai an ƙara bincike. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna da 'yan'uwana. An horar da mu kada mu yanke hukunci sai hujja ta cika, can kuma dole ka yanke da abin da ke hannu kafin la'asar. In a takardarka akwai wurin da ka yanke shawara cikin ƙurarren lokaci kuma wani ya yi aiki da ita, ka fito da shi sama. Sannan ka daina sa Dakta a gaban suna a saman sibi, yana nan a sashen karatu za su gani.

Shafi nawa, kuma me zan cire?

Biyu. Na jami'a da muka saba, mai ranar haihuwa da ƙaramar hukuma da sunayen 'ya'ya da jerin duk taron da ka halarta da duk kwas ɗin da ka koyar tun kana mataimakin lakcara, ka ajiye shi don furomoshan. Amma kar ka zubar da komai da sunan ragewa. In ka riƙe jami'in jarabawa na sashe, ka kula da bayanan ɗaruruwan ɗalibai ba tare da kuskure ba a kan wa'adi, wannan ya yi kama da aikin takardun oditi, layi ɗaya ya ishe shi. Ɗaliban da ka duba wa furojet, ka faɗi adadi ka bar sunaye. In ka taɓa cin tallafin bincike na TETFund ko wani, ka faɗi nawa ne kuma kai ka kashe ka yi ritaya ɗin kuɗin, don wannan shi ne kawai shaidar cewa ka taɓa riƙe kasafi. Aikin da ka yi wa wani mai injin man gyaɗa ko ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli wanda kake jin kunyar sawa don ba a buga shi a mujalla ba, wallahi shi zan fara karantawa. Kuma in kana da rajistar IPAN, ta masu gwaji da doka ta amince da sa hannunsu, ka sa ta a shafin farko.

Na tura wurare da yawa shiru, ko ba mutum ne yake karantawa ba?

Wanda ya fara gani dai yawanci ba masanin fanninka ba ne. Ko manhaja ce mai neman kalmomi, ko ma'aikacin sashen ɗauka da aka ba jerin kalmomi biyar. In talla ya ce ISO 17025 kai kuma ka rubuta doguwar jimla mai ma'ana ɗaya ba tare da lambar ba, ba zai haɗa su ba. Ka yi amfani da kalmarsu, in dai gaskiya ce. Amma in ka tura ashirin shiru, ka koma ka yi lissafin can na farko a kan guda biyar daga ciki, da wuya ba ka tarar ukun farko ne suke ba ka matsala ba. Hanya mafi sauri kuma ita ce ka nemo wani da ke cikin sashen, tsohon ɗan ajinku ko ta LinkedIn ko a taron NIFST, ƙungiyar masana kimiyyar abinci ta Najeriya, ka tambaye shi me ya sa aka buɗe gurbin. Wani lokacin amsar guda ce, mutumin da ya iya inji kaza ne ya tafi.

In na shiga zan ci gaba da buga mukala? Zan iya komawa jami'a?

Da wuya, kuma sai da izini. Za ka sa hannu a takardar rufe sirri, abin da ka gano na kamfani ne. In abu ne da za a yi wa rajistar mallaka, wadda take kare shi shekara 20, buga shi kafin a shigar da takarda yana kashe rajistar. Haɗin kaya kuwa galibi ba a ma rajistarsa, ɓoyewa ake yi. Wannan ma wani ma'auni ne na dacewa da ba ya cikin sibi: in kai mutum ne da daɗinsa shi ne ya ga sunansa a kan aikinsa, ka yi tunani sosai. Komawa tana yiwuwa, sai dai jami'a da mukala za ta auna ka, shekara biyar ba ka buga komai ba za ka tarar sa'o'inka sun wuce ka da mataki biyu.

Lissafi ya nuna na dace, sun ma kira ni. Me zan duba kafin in ajiye aiki?

Fara da yarjejeniyar da ka sa wa hannu lokacin tafiya karatu. In TETFund ce ta ɗauki nauyinka ko ka yi karatun da albashi, akwai shekarun da dole ka yi wa jami'arka, in ka fita kafin su cika za a bi ka kuɗin, kuma masu tsaya maka za a fara nema, galibi abokan aikinka ne da za ku ci gaba da haɗuwa a masallaci da wurin biki. Ka ɗauko takardar ka karanta da idonka, ka je rajistara ka tambayi ranar da za ta ƙare.

Sannan ka tambaya ko za a ba ka hutu ba albashi na shekara ɗaya maimakon ajiye aiki gaba ɗaya, don kamfani zai sa ka a gwaji na wata uku ko shida kuma sallama a can ba ta da wuya. Fansho ba matsala, tun tsarin 2004 asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka je. Albashin kuma kar ka kalli lambar shekara da suka rubuta, ka ce su ba ka abin da zai shiga asusunka a wata bayan haraji da fansho, ka cire hayar gida a Legas ko Ogun wadda ake biya ta shekara gaba ɗaya, da kuɗin mota, da zuwa ganin iyali in a Zariya ko Kano za ka bar su. Ƙanin nan nawa da muka yi wannan lissafin sai da ya koma ya ce su ƙara masa kuɗin gida kafin ya sa hannu, suka ƙara rabin abin da ya nema.